Amfani da faɗin gona wajen ƙiyasta amfanin gona

Tambaya: Mun auna masarar gonaki 40 cikin 500, kuma mun san faɗin kowace gona. Yaya za mu ƙiyasta amfanin dukkansu?

Amsa: Ku raba jimillar masarar samfurin, wato gonaki 40 ɗin da kuka auna, da jimillar faɗinsa, sannan ku ninka da faɗin gonakin duka. Misali, idan gonaki 40 ɗin hekta 100 ne, suka ba da tan 200, kowace hekta tan 2 ke nan, don haka idan gonakin 500 hekta 1,500 ne, ƙiyasin tan 3,000 ne. Da kun ninka matsakaicin amfanin gona ɗaya, wato tan 5, sau 500, da tan 2,500 za ku samu, domin ƙananan gonaki sun rinjaya a samfurin. Sai dai dabarar ninkawa da faɗi tana buƙatar amfani ya riƙa ƙaruwa daidai da faɗi, shi ya sa nake ganin a ware gonakin fadama daga na tudu.