Kanun labari yana yankewa a waya

"Kanun da nake rubutawa suna yankewa a Google, sai ɗigo uku. Yaya zan yi?"

Malam, Google ba haruffa yake ƙirgawa ba, faɗin rubutun yake aunawa. A kwamfuta wurin yakan ɗauki haruffa 50 zuwa 60, kuma "m" ya fi "i" cin wuri. A waya kuwa ya danganta da girman fuskarta.

Don haka sa kalmomin da ake nema a farko. Maimakon "Barkanmu da warhaka, yau za mu duba farashin masara a kasuwar Dawanau", rubuta "Farashin masara a Dawanau yau". Gaisuwar ta koma cikin labarin, sunan shafinka ya koma ƙarshe, ko ya yanke ba asara.

Amma fa Google yakan sauya kanun da kansa wani lokaci, musamman idan `<title>`, wato kanun da ka sa wa shafin, ya yi tsawo.