EXW da CBM a takardar kaya daga China

"Salamu alaikum. Na rubuta wa ɗan kawuna da ke karatu a Guangzhou ya fassara min takardar lissafin da mai jakunkuna ya turo daga Yiwu, har yau shiru. Akwai EXW, CBM da 30% deposit. Me suke nufi? Ana ta matsa min in biya."

Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, don Allah riƙe kuɗinki tukuna. Ina ganin EXW ɗin nan gabana ya faɗi, domin shi ya sa ni kuka. Ma'anarsa farashin kaya a ƙofar masana'anta kawai. Motar da za ta ɗauko su, takardun kwastan na fita daga China, lodi a jirgi, duk a wuyanki suke. Da FOB Ningbo aka rubuta, mai kaya ne zai yi wannan ɗawainiya har su hau jirgi a tashar Ningbo, ke ki ɗauka daga nan.

Ni dillalina ya rantse min da Allah cewa komai na cikin farashi. Na biya kafin alƙalami, na biya ciko, sai ga saƙo wai kaya suna sito, a turo kuɗin mota da na ajiya. Kuɗin adashe ne, da na mata biyu da suka ba ni amana. Na kira shi ya fi a ƙirga, wayar tana shiga, ba ya ɗauka. Daren nan ban runtsa ba, ina zaune bakin gado ina ƙara girman hoton takardar da yatsa, ga haruffa ukun a ƙasa kusa da hatimi. Ya gan su, ya san ma'anarsu, ya yi shiru. Mutumin da ya ci abinci a gidana! Na bar shi da Allah.

Shi 30% deposit kafin alƙalami ne, kashi 30 cikin 100 kafin su fara aiki. Kada ki saki cikon 70 sai an nuna miki bidiyon kayanki a katan.

CBM kuwa girman wurin da kaya za su ci a kwantena ne, kuma da shi masu haɗa kaya a jirgin ruwa suke caji. Katan mai tsawon santimita 60, faɗi 50, tsayi 40, idan aka mayar da su mita aka ninka 0.6 da 0.5 da 0.4, ya zama CBM 0.12. Katan 20 kenan 2.4, sai ki ninka da farashin CBM ɗaya da mai jigilarki ya faɗa. Jakunkuna ba nauyi amma suna cin wuri, nan riba take zurarewa.

Ɗan kawunki kuma kada ki yi fushi da shi, ƙila kunya yake ji. Yaren kasuwa ne wannan, ba a koyar da shi a ajin Sinanci. Tura masa hoton takardar gaba ɗaya, ya kira mai kayan ya tambaya da yarensu: nawa za su ƙara su kai kaya siton mai jigilarki? Amsar su rubuta ta a sabuwar takarda, su buga hatimi, sannan ki biya.