Abin da ke dawo da mai kawo ɗinki shagonka

Tambaya: "Maigida, akwai mutanen da tun zuwana shagon nan nake ganinsu kowace Sallah, har 'ya'yansu suna kawowa. Ni kuwa waɗanda nake wa ɗinki a gefe, daga na farko ba na sake ganinsu, alhali ba su ce ɗinkin bai yi ba. In riƙa yi musu ragi ne, ko kyauta zan riƙa haɗa musu da ita?"

Ragi? Yaran yanzu ke nan, ku a tunaninku komai da kuɗi ake sayensa. Wanda ragi ya kawo maka shi, ranar da na gaba da kai ya rage masa ɗari biyar zai bi shi. Kuma kada ka jira mutum ya ce maka ɗinki bai yi ba. Bahaushe zai karɓi kayansa, ya ce "Allah Ya yi albarka", ya tafi, in ka ga bai dawo ba to amsar ke nan. Ba zan tsaya koya maka awo da yanka ba, wanda bai iya wannan ba ba shi da abin da zai riƙe kowa da shi. Maganar da ke gabanmu ta abin da ke faruwa ce kafin almakashi ya taɓa yadi, da bayan kaya sun bar shago.

Fara da lokacin karɓar kaya, domin a nan aka taɓa cutar shagon nan cutar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wani mutum ya kawo shadda ana saura mako uku Sallah, ya ce Gezna ce yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando yake so. Ina Kantin Kwari sayen zare, wani yaro da ke nan kafin zuwanka ya karɓa. Bai warware ta ba, bai ɗora tef ba, bai duba bakin yadin ba, ya rubuta "shadda 10" ya jefa a kan tari. Da aka zo yanka sai aka tarar tara ne da ɗan ɗoriya. Aka yi dabara aka fitar da kayan, aka ɗan rage faɗin rigar, aka kai aiki, aka kai bugu, ya zo ya karɓa yana ta yabo. Bayan Sallah sai ga shi da rigar an wanke ta, sheƙin ya mutu, ta yi laushi. Wai an sauya masa shadda, tasa mai tsada ce aka ba shi ta banza, kuma an saci kusan yadi guda, ga rigar ta fito a tsuke. Shaddar da ya kawo ita ce aka ɗinka masa, kwaikwayo ce tun asali, ko dai an cuce shi a kasuwa ko kuma ya san abin da yake yi, ni kuwa na fi zaton na biyun, don wanda aka cuta ba ya zuwa da lissafin kuɗi a rubuce da shaidu biyu. To amma da me za a kare kai? Bakin yadin mai tambari an yanke an share da shara, littafi kuma ya ce goma. Dattawan layi suka shiga tsakani, shago ya biya rabin kuɗin Gezna ta gaske a kan abin da ba Gezna ba. Kuɗin ma da sauƙi. Mutumin nan ya zauna a majalisarsu ya ce a shagon nan ana sauya shadda, wani gida guda da ake yi wa ɗinkin Sallah tun daga uban har jikoki suka ɗauke kayansu, ba su kuma tambayi kowa ba. Gida irin wannan kaya goma sha ne a Sallah ƙarama, wasu a babba, ga biki ga suna a tsakani. Lissafa ka gani.

Shi ya sa kake gani ba a karɓar yadi a naɗe a nan. A warware shi a gaban mai shi, a auna da tef yana kallo, a faɗi adadin da baki ya ji. A ɗaga shi a haske a duba huji, tabo ko inda rini bai kama ba, a nuna masa tun bai tafi ba. In ka ga shaddar ba ita ce abin da yake zato ba, gaya masa a hankali, kai da shi, ba a gaban jama'a ba: "Alhaji, wannan in ta sha ruwa ba za ta riƙe sheƙi ba, a yi mata aiki mai sauƙi, kada a zuba kuɗin aiki mai nauyi a kanta." Zai ji ba daɗi na minti biyar, amma ya gane cewa ka hana shi asara alhali kai ne za ka ci ribar aikin mai nauyin. Sannan a yanki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa biyu a manna a shafinsa na littafi, a rubuta adadin yadi, irin ɗinki, irin aikin wuya, kuɗi, abin da ya bayar na kafin alƙalami, da ranar karɓa. In an gama, ragowar yadi da bakin nan mai tambari a naɗe su a sa masa a leda tare da kayan, ko da ragowar ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Telolin da ke tara ragowar mutane suna haɗa rigunan yara suna sayarwa sun ɗauka ba a sani ba. An sani. Mutumin da ya ba da yadi biyar aka yi masa kaftani da wando ya san jikinsa bai cinye biyar ba.

Sai alkawari. An riga an yi mana tambari cewa tela ba ya cika alkawari, har abin ya zama abin dariya a gari, saboda haka wanda duk ya cika nasa ya fita daban ba tare da ya kashe ko sisi ba. Yadda ake yi lissafi ne kawai. In kai kaɗai kana iya gama kaftani biyu a rana da kyau, to a mako sha biyu ne, in ka cire Juma'a. Kada ka karɓi sha biyu, karɓi tara, domin wuta za ta ɗauke, mai aikin wuya zai riƙe maka kaya, masu bugu ma layi ne da su. In ɗinki zai gamu Talata, ce wa mai shi Alhamis. In kuma ka ga Alhamis ɗin ba za ta yiwu ba, kai za ka kira shi tun Talata ka gaya masa, kada ya ƙona mai ya zo ya tarar da yadinsa ko yankawa ba a yi ba, kai kuma ka ɓuya a bayan shago ka ce yaro ya ce ba ka nan. A azumi, da littafi ya cika a rufe karɓa, ko wane ne ya zo. Wanda ka ce wa "ba zan iya ba kafin Sallah" zai ji haushi ya dawo bayan Sallah, wanda kuwa ka sa ya je Idi da tsohuwar riga kai da shi har abada.

Bibiya kuma ba ita ce abin da kuke yi a waya ba, kullum ku tura wa mutum hotunan ɗinki da "Barka da Juma'a" har ya gaji ya toshe ku. Sau biyu ake neman mai ɗinki. Na farko bayan ya sa kayan an kuma wanke su sau ɗaya, wato kamar kwana goma da karɓa, domin a wankin farko ne aibi ke fitowa: yadin auduga ya ja, hannu ya gajarce, gam ɗin wuya ya kumbura in ba a manna shi da zafi sosai ba, zaren aiki ya zuba a kan farin yadi. Kada ka tambaye shi "kaya sun yi?", zai ce sun yi. Tambaye shi abu takamaimai: wuyan yana shaƙe shi in ya ɓalla maɓalli? Wandon yana ja in ya zauna tahiya? Hammata fa in ya ɗaga hannu? In ya ambaci wani abu, ce ya aiko a gyara, ba ko kwabo. Don haka ne ake barin kamar inci guda na yadi a cikin ɗinkin gefe da ƙafar wando, in ka yanke shi tas don ɗinki ya yi maka kyau a ido, ranar gyara ba ka da abin buɗewa. Abin da aka gyara kuma a koma a rubuta a shafinsa: "yana son hannu ya sauka rabin inci", "ba ya son aljihun gaba", "wuya a sake". In ya dawo bayan wata shida ka ce masa "yadda aka yi wancan, hannu a sauke?", ka gama da shi, don ba ya son ya je wani wuri ya fara bayani daga farko. Amma ka sake ɗora tef a ciki da ƙugu duk da haka, jiki yana canzawa, na yara kuwa kowane zuwa sabon awo.

Nema na biyu a watan Sha'aban ne. Ka buɗe littafi, ka bi waɗanda suka yi ɗinkin Sallar bara ɗaya bayan ɗaya, ka ce musu an fara karɓa, su kawo kafin azumi a yi musu a natse. Wannan shi ne babban alherin da za ka yi wa tsohon mai ɗinkinka, ka ajiye masa gurbi kafin baƙi su cika layi. Kai ma ka huta da kwanan shago a goman ƙarshe.

Kyautar da kake tambaya a kanta ita ce ƙarama a cikinsu duka, kuma ba a sanar da ita tun gaba, in ka sanar ta zama ciniki. Hankici daga ragowar shaddarsa, an kalmashe bakinsa da kyau. Zariya a cikin wando ba sai ya nema ba. Maɓalli biyu na ajiya a ɗinke ta ciki. In zif ya lalace ko aljihu ya yage bayan wata uku, a gyara masa yana zaune ana hira. Mai gidan da ya kawo kaya takwas, ɗan autan da rigarsa ba ta ci yadi ɗaya da rabi ba a bar masa kuɗin ɗinkinta, kuma a faɗa masa an bari, ya san an yi. Wanda ya turo maka wani, in ya zo ka ce masa wane ya zo, an gode, ka sa kayansa gaba. Duk wannan bai kai abin da za ka zubar a ragi ba, kuma farashinka yana nan inda yake.

Kada kuma ka ɗauka kowa ake riƙewa. Wanda ya karɓi kaya sau biyu yana "zan turo", wanda kullum sai ya sami aibi a daidai lokacin biya, wanda ya ƙi a auna yadinsa a gabansa wai yana sauri, irin waɗannan a sallame su da fara'a, a ce layi ya cika. Bashi ga wanda shafinsa ya nuna yana biya ne kawai, sabon zuwa kuwa rabin kuɗi kafin a yanka, cikon kafin kaya su fita.

Su waɗannan naka na gefe da suka ɓace, kana da lambarsu ko awonsu a rubuce, ko a bayan kwalin gam ka rubuta ka yar? Gobe ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, mutum ɗaya shafi ɗaya, ka kawo mini in ga yadda ka tsara shi kafin ka sake karɓar yadin kowa. Kuma ɗinkin gefen nan da keken shago da zaren shago kake yi, wannan maganar ma za mu yi ta.