Hoto ba ya nuna kaurin kwano

"Maigida, wanda ya ba mu aiki ya turo hoton kwanon rufin da yake so, ya ce in nemo masa farashi. Na samu wani dila mai araha sosai, shi ma ya turo nasa hoton, iri ɗaya ne sak. In ce ya kawo?"

Kada ka soma! Ku yaran yanzu komai waya, ko awo ba kwa son tashi ku yi. Abin da hoto zai gaya maka shi ne zubi da launi: dogon kwano ne, ko mai hawa-hawa, ko mai yashi a baya. Wannan ko ɗan koyon wata biyu ya sani, ba zan ɓata bakina a kai ba. Amma kauri? Alminiyan mai kaurin milimita 0.55 da mai 0.40 in suka fito daga inji ɗaya da fenti ɗaya, ni da na shekara talatin a kan rufi ba zan bambance su a waya ba.

Haka aka yi min. Wani Alhaji ya ba ni rufin gidansa, mita 300, ya ce 0.55 yake so. Dila ya turo hoto, ya rage min kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa, har da rantsuwa. Na biya. Da kaya suka iso na ɗaga ɗaya na ji ba nauyi, amma gaggawa ta sa na yi shiru. Yarana suna takawa yana loɓawa. Iskar farkon damina ta zo, kwanon ya yage a bakin ƙusa, ɓangare guda ya tashi ya faɗa gidan maƙwabta, ƙusoshin na nan daram a jikin katako. Da na sa geji, wato ma'aunin kauri, 0.40 ne. Dila ya ce ai hoton da na gani shi ya kawo min. Babur ɗina na sayar na sake rufin, kuma har yau Alhajin bai ƙara kirana ba.

Ka yi lissafi mana. Murabba'in mita na 0.55 ya kusa kilo ɗaya da rabi, na 0.40 kuwa kilo ɗaya da ɗan kai. Kashi ɗaya cikin huɗun da ya "rage" min, a jikin kwanon ya zare shi.

Don haka ka je da ƙafarka. Ɗauki gejina, ka ɓare ledar da ke kai kafin ka auna, kuma a shimfiɗaɗɗen wuri, ba kan lanƙwasa ba. Ka tafi da maganaɗisu: in ya manne, ƙarfe ne aka yi wa fenti, ba alminiyan ba. Ka tambayi faɗin da zai rufe bayan an ɗora wani kan wani, don mita mai araha in ta tsuke, yawanta za ka saya. Kaurin kuma ya rubuta shi a rasit. In ya fara kame-kame a kan rasit ɗin, juyo ka dawo min da gejina.