Daidaita hotuna huɗu a jere a shafin PowerPoint

Tambaya: "Ina shirya bayanin da zan nuna a taron ƙungiyarmu a Agege. Na jera hotuna huɗu a shafi ɗaya, a kwamfutata suna kama da daidai, amma da aka haska a bango sai na ga sun karkace. Yaya zan yi?"

Malam, ido ne ya yaudare ka, domin kuskuren milimita biyu da ba ya fitowa a ƙaramar fuskar kwamfuta, majigi yana faɗaɗa shi har na sahun baya ya gani. Ni ma na sha wannan kunyar a wani taro a Idi-Araba, tun daga ranar na daina jan hoto da hannu ina kintace.

Ka fara da iyakar gefe. A ƙarƙashin View ka kunna Guides, ko ka danna Alt+F9, layuka biyu za su fito sun gitta a tsakiyar shafin. Faɗin shafin da PowerPoint ke buɗewa da shi yanzu santimita 33.87 ne, kuma awon waɗannan layukan daga tsakiya yake farawa, ba daga gefe ba, abin da ke rikita mutane da yawa. Ka riƙe Ctrl ka ja layin tsaye zuwa 15.4 a hagu, ka sake jan wani zuwa 15.4 a dama. Ka samu fili mai faɗin 30.8 ke nan, da kimanin 1.5 a kowane gefe wanda ba abin da zai taka.

Kafin ka taɓa tazara, ka ba hotunan faɗi ɗaya, ka rubuta 7.1 a akwatin Width na kowanne. Huɗun sun cinye 28.4, saura 2.4, wanda in an raba wa tazara uku kowace ta samu 0.8. Ba sai ka auna da kanka ba: ka jingina hoton farko da layin hagu, na ƙarshe da layin dama, ka zaɓi duka huɗun, sannan a Align ka danna Align Top, ka bi shi da Distribute Horizontally.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Idan alamar zaɓi da ke cikin jerin Align tana kan Align to Slide maimakon Align Selected Objects, manhajar za ta lissafa har da gefen shafin, ta raba ragowar filin gida biyar, sai ka ga hoton farko da na ƙarshe sun tsallake layukanka, tazarar ta koma kusan 1.1. Da ka ga haka, ka danna Ctrl+Z sau biyu, ka sauya alamar, ka maimaita.

Shi kuwa Gridlines, a ganina amfaninsa bai kai na layukan nan ba, cika fuska yake yi da ɗige-ɗige. Idan ka sa rubutu a ƙarƙashin hotunan ka ga ya ɗan shige ciki, akwatin rubutu ne ke barin 0.25 a gefensa, sai ka mayar da Left margin zuwa 0.