Littafi ɗaya ya isa a ce haka matan Daular Usmaniyya suka rayu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta takardar aji kan addini da matsayin mata. Na kawo inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa malamai faɗa a Nurul Albabi kan barin matansu cikin jahilci, sai na rubuta: "Wannan ya nuna matan Daular Usmaniyya sun samu ilimi daidai da maza." Malamina ya ja layi da jan biro, ya rubuta "Waɗanne matan?" Ni kuwa a ganina hujja ba ta wuce maganar Shehu ba. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maganar Shehu hujja ce mai ƙarfi, amma kin ɗora mata kayan da ba nata ba. Hujja ce a kan abin da Shehu ya koyar. Abin da ya faru a gidajen mutane kuwa wata tambaya ce daban, kuma sai da wasu shaidu ake amsa ta.

Ki koma ki karanta wurin a tsanake. Shehu yana kuka ne da malaman ƙasar Hausa da ke barin matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu kamar dabbobi, ba su koya musu abin da Allah Ya wajabta na aƙida da alwala da salla da azumi, alhali suna zaune da almajirai safe da yamma suna karantar da su. Har ya kwatanta yadda ake riƙon matan da kayan aikin gida, a mora har ya lalace a yar. To mai faɗar haka bai ce mata suna da ilimi ba, cewa ya yi ana tauye su. Idan har za a tatso labarin rayuwa daga wurin, abin da ya fi kusa shi ne kishiyar abin da kika rubuta, don ba a yi wa mutane wa'azi kan abin da suka riga suka saba yi.

Amma kada ki yi saurin juya jimlar ki ce "matan ƙasar Hausa jahilai ne kafin jihadin 1804". Ramin ɗaya ne, ta wani gefen kawai kika faɗa. Mai wa'azi yakan tsananta don a ji tsoro a gyara, ba ƙidaya yake yi ba. Kuma gidan da Shehun kansa ya fito sananne ne da mata masu karatu. Akwai wani abin da ɗalibai ba su cika lura da shi ba: malaman wancan zamani suna yawan ciro magana daga littattafan magabata. Shehu ya sha ɗauko zance daga Madkhal na Ibnul Hajj, wanda aka rubuta a Masar a ƙarni na 14. Saboda haka duk inda kika ga an lissafa munanan al'adun mata a irin waɗannan littattafai, ki duba ko marubucin ya ce a ƙasarsa ya gani, ko kuwa nakalto wa ya yi. In ba haka ba sai ki wayi gari kina siffanta matan Alƙahira da sunan matan Gobir.

Na san abin da za ki ce: ai ga Nana Asma'u. Gaskiya ne, kuma ita ce mafi kyawun shaidar cewa maganar ba ta tsaya a takarda ba. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajoji, ta ba kowace malfa, su riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta, su koma gida da waƙoƙin karantarwa. Wannan aiki ne da ya gudana a ƙasa. Sai dai Asma'u 'yar Shehu ce, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Bello, matar Waziri Giɗaɗo. Tana nuna iyakar abin da zai yiwu ga mace a gidan ilimi da mulki. Baiwar da ke noma a rinji, da mai tallan fura a kasuwar Kano, da matar makiyayi a Adamawa, kowacce sai kin nemo shaidarta. Su kansu 'Yan Taru sun fi ƙarfi a Sakkwato da kewayenta, daular kuwa ta miƙe tun daga gabashin Burkina Faso ta yau har arewacin Kamaru, kuma ta yi kusan shekara ɗari kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. Wannan faɗin ne malaminki yake nufi da jan bironsa.

Wani abin da zai ƙara wa takardarki armashi shi ne saɓanin da aka yi tun Shehu na raye. Wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soki yadda mata ke halartar wa'azinsa tare da maza, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar masa da martani a waƙe cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Malamai biyu, mazhaba ɗaya, zamani ɗaya, ra'ayi ya bambanta. Ke nan ko "malamai sun ce" ba za ki iya rubutawa daga littafi ɗaya ba, balle "mata sun yi".

Shaidar rayuwa fa, daga ina? Ki nemi aƙalla guda da ba littafin hukunci ko wa'azi ba ce. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, yana da amfani ƙwarai: mace ce da aka haifa kafin zuwan Turawa, tana ba da labarin aure da saki da kulle da bori kamar yadda ta gani. Amma ita ma mutum ɗaya ce, ta yi magana da tsufanta, kuma baƙuwa ce ta rubuta. Takardun kotun alƙali na nuna abin da ya kai mata ƙara, gado ko ciyarwa ko neman saki, sai dai wadda zamanta ke lafiya ba ta bayyana a can. Kowace shaida tana da makantar ta. Dabarar ita ce ki haɗa biyu da makantarsu ba ta zo ɗaya ba, inda suka saɓa kuma ki faɗa a fili, don sau da yawa nan ne naman takardar yake.

Ni abin da nake sa ɗalibaina su yi mai sauƙi ne. Su ɗauki fensir su zagaye kowane aikatau a babin. Inda majiyar littafin malami ce, aikatau ya zama "ya umarta", "ya hana", "ya koka", "ya yi kira". Inda aka rubuta "suna yi" ko "sun samu", dole a gefe a ga shaidar da ta ga an yi. Sannan duk "mata" da ke tsaye ita kaɗai a tambaye ta gari da shekara da irin gidan. Na taɓa duba wani kundi da "matan Arewa" ta fito sau da yawa a shafi guda, da muka bi diddigi duk daga hira da mata uku ne a unguwa ɗaya.

Jimlarki za ta iya komawa haka: "A Nurul Albabi Shehu ya ɗauki karantar da mata wajibi, ya kuma zargi malaman zamaninsa da sakaci a kai. Aikin Nana Asma'u da 'Yan Taru ya nuna an aiwatar da wannan kira a gidan Shehu da ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato. Waɗannan majiyoyi biyu ba su isa a yanke hukunci kan bayi mata ko matan masarautu masu nisa ba." Ta fi ta farko tsawo, ta kuma rage alfahari, amma kowace gaɓa tana da abin da ta jingina da shi. Ki kai wa malaminki ita, ki ɗauki littafin da kika ciro maganar a hannu da shafin a naɗe, don zai so ya gani ko daga Larabcin kika karanta ko daga fassara.