Farfesa ya yi shiru bayan intabiyu

"Na yi intabiyun mataimakin mai bincike wajen wani Farfesa nan Katsina. Ya ce zan ji daga gare shi cikin sati biyu, yau sati uku shiru. In kira shi ne, ko in je ofis?"

Ɗan'uwa, da na karanta sai da gabana ya faɗi, don irin jiran nan na yi shi. Kar ka kira tukuna, tura rubutaccen saƙo, imel ko WhatsApp, ta inda ya gayyace ka. Da safe, ranar aiki, kuma ban da saƙon murya. Gajere kamar haka:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ni ne wane, wanda ka yi wa intabiyu ranar kaza kan binciken kaza. Na gode da lokacin da ka ba ni. Har yanzu ina son aikin, kuma ga samfurin nazarin alƙaluma na manhajar SPSS da ka tambaya. Ko akwai lokacin da ake sa ran yanke hukunci?"

Sa cikakken sunanka da ranar, don mutumin da ke duba ɗaliban digiri na biyu da na uku ba zai gane lambarka ba.

Sau da yawa shirun na kuɗi ne. In tallafin TETFund ne, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kashi-kashi ake sakinsa, kuma ta asusun jami'a yake biyowa, sai ya ratsa ofishin basa. Shi kansa Farfesan jira yake. Shi ya sa in ya amsa, ka tambaya cikin ladabi ko kuɗin aikin sun sauka.

Nawa Farfesan cewa ya yi, "Fara kawai, takarda na tafe." Na fara. Ƙauyukan wajen Daura na riƙa bi kan acaɓa da kuɗin aljihuna, cikin zafin bazara, wayar da nake cika tambayoyi a manhajar KoboCollect tana ɗaukar zafi har ta mutu a hannuna. Mahaifiyata ta sayar da akuyarta ta ba ni kuɗin mota. Ranar da kuɗi suka fito, sakataren sashe ya buɗe fayil a gabana, babu sunana, sunan ɗan abokin Farfesan ne a gurbina. Na tsaya bakin ƙofa na kasa ko sallama. Har yau in na hango Farfesan nan a wajen ɗaurin aure sai in canza hanya. Allah ya isa.

Saboda haka ko ya ce an ɗauke ka, nemi a rubuce: wata nawa, alawus nawa, wa zai biya kuɗin zirga-zirga.

In sati ya wuce bai amsa ba, je wajen sakatare ka tambayi ranar da yake zama ofis. Kar ka tare shi bakin masallaci, kuma kar ka tura wani babba ya roƙar maka, wasu malaman haushin haka suke ji. Saƙo biyu da zuwa ɗaya sun isa, daga nan ci gaba da nema a wasu sassan.